Yadda mai ƙaramin albashi zai sayi hannun jari: zubin wata-wata ko jiran farashi ya sauko?

Duk wanda ya fara sha'awar hannun jari, tambayar da ke tsayar da shi ita ce: in saya yau, ko in dakata har farashi ya ɗan faɗi? Ga mai miliyoyi a ajiye, tambaya ce mai nauyi. Ga malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke iya ware naira 10,000 a ƙarshen wata, amsata a fili take: ka riƙa zubi kowane wata a rana tsayayya, kada ka jira. Wannan tsari shi ne za ka ga ana rubutawa DCA a manhajoji. Zan nuna dalilin da lissafi, sannan in bi matakan ɗaya bayan ɗaya, har da inda tsarin ke gazawa. Mafi yawan misalan daga kasuwar hannun jari ta Najeriya ne, wato NGX da ke Legas.

Abin da hanyoyin biyu ke nufi

Zubin wata-wata shi ne ka tsayar da adadin kuɗi guda, ka tsayar da rana guda, ka sayi abu guda, ko farashi ya tashi ko ya faɗi. Kuɗin ne ba ya canzawa. Yawan hannun jarin da kake samu shi ke canzawa: watan da aka yi araha ka sami da yawa, watan da aka yi tsada ka sami kaɗan.

Mai jira kuwa yana tara kuɗinsa a gefe, yana kallon farashi, da niyyar sai ya sauko sannan ya shiga gaba ɗaya. Tunanin ba na wauta ba ne. Mun saba da shi a kasuwar hatsi: ba mai hankalin da zai yi sarin masara da bazara alhali ya san kaka na tafe. Sai dai hatsi yana da lokacin araharsa sananne, kowa ya san watan da sabon amfani ke shigowa. Hannun jari ba shi da kaka. Farashinsa na iya faɗuwa gobe, yana iya kuma shekara biyu yana hawa bai waiwayo ba, kuma babu wanda ya san wanne ne zai faru, ko dillalan da suka tsufa a harkar.

Mu buga lissafin

A ce mutum biyu ne, kowa yana ware naira 10,000 duk wata har wata biyar. Na farko yana saye duk wata. Na biyu ya ɗaura wa kansa sharaɗi: ba zai saya ba sai farashi ya faɗi da kashi 20 cikin 100 daga inda ya fi tsada. Farashin da zan kawo na misali ne, na kuma ƙara masa hawa da sauka da gangan don bambancin ya fito. Ban sa la'adar dillali a ciki ba tukuna.

Yanayi na farko, farashi ya faɗi sannan ya farfaɗo: naira 50, sai 40, sai 25, sai 40, sai 50. Mai zubi ya sami guda 200 a watan farko, 250 a na biyu, 400 a na uku, 250 a na huɗu, 200 a na biyar. Jimilla guda 1,300 a kan naira 50,000. Kowane guda ya zo masa a kan kusan naira 38 da rabi ke nan, alhali idan ka haɗa farashin watanni biyar ka raba, naira 41 za ka samu. Wannan ragin ya zo ne saboda kuɗinsa sun fi sayen yawa a watan araha. Farashi ya dawo inda ya faro, amma kayansa sun kai naira 65,000.

Mai jira fa? Bai saya a watan farko ba. A wata na biyu farashi ya sauko 40, sharaɗinsa ya cika, ya zuba naira 20,000 da ya tara ya sami guda 500. Idan daga nan ya ci gaba da saye kamar ɗan'uwansa, zai ƙare da guda 1,350. Ya yi nasara, ba musu. Amma nasarar guda 50 ce kacal, wato naira 2,500, a yanayin da komai ya tafi yadda yake so.

Yanayi na biyu, farashi ya yi ta hawa sannan ya faɗi: naira 40, sai 50, sai 62 da rabi, sai 80, sai 64. Mai zubi ya sami 250, 200, 160, 125, da 156. Jimilla guda 891. Mai jira ya yi wata huɗu yana kallo. A na biyar faɗuwar da yake nema ta zo cif, daga 80 zuwa 64, kashi 20 daidai. Ya zuba naira 50,000 ya sami guda 781. Ya cika sharaɗinsa, bai yi gaggawa ba, bai ji tsoro ba, amma an bar shi a baya da guda 110, sama da naira 7,000. Arahar da ya samu ta fi farashin da ya raina tun farko tsada da naira 24.

Nan ne gizo ke saƙa. Faɗuwa ana auna ta ne daga ƙololuwar da farashi ya kai, ba daga ranar da ka fara jira ba. Idan abu na naira 100 ya hau zuwa 125, faɗuwar kashi 20 za ta mayar da shi 100 ne kawai. Idan ya wuce 125 kafin ya faɗi, to ko faɗuwar ta zo ka riga ka yi asara da jiranka.

Akwai kuma abin da masu koyar da jira ba sa lura da shi game da mai albashi. Shi ba shi da tulin kuɗi a hannu. Kuɗinsa na wata mai zuwa da na baɗi ba su iso ba tukuna, saboda haka duk faɗuwar da za ta zo nan gaba zai same ta da sabon albashi. Abin da jira ke iya ƙara masa bai wuce ragi a kan ɗan abin da ya tara ba. Wanda ya tara naira 30,000 ya dace da ragin kashi 15, amfanin da ya samu bai wuce kimanin naira 5,000 ba, bayan wata uku yana duba waya safe da yamma.

Abin da kasuwar Legas ta riga ta nuna

Ma'aunin da ke nuna tafiyar kasuwar gaba ɗaya, wanda ake rubutawa ASI, ya faɗi zuwa kusan maki 21,000 a lokacin kullen korona, wajen Maris da Afrilu na 2020. Wannan ita ce irin faɗuwar da mai jira ke mafarki. Amma ka tuna yadda garin yake a watannin nan: an rufe kasuwanni, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, farashin ɗanyen mai ya rushe, kowa na tunanin abincin gidansa. Mutum nawa ne masu ƙaramin ƙarfi suka iya ɗaukar ajiyarsu suka sayi hannun jari a wannan hali? Shekarar ta ƙare ma'aunin yana sama da 40,000, ya ƙaru da kusan kashi 50 a kan yadda ya fara ta. Faɗuwa ta gaske ba ta zuwa ita kaɗai, da mugun labari take zuwa, kuma labarin ne ke hana mai jira saye. Sai ya ce bari ta ƙara sauka.

A 2023 kuma akasin haka aka gani. Ma'aunin ya fara shekarar a wajen 51,000, ya ƙare ta sama da 74,000, a Janairun 2024 ya haye 100,000. An sami 'yan saukowa a cikin 2024, amma babu wadda ta dawo da shi ko kusa da 74,000. Wanda ya ce a tsakiyar 2023 kasuwa ta yi tsada, bari ya jira, bai sake ganin wannan farashin ba.

A wannan lokacin kuma kuɗin da ke jira ba zaune suke lafiya ba. Hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. A irin wannan shekara, naira 10,000 da aka ajiye ba ta juyawa, bayan wata goma sha biyu abin da za ta saya bai wuce na naira 7,700 ba. Alƙaluman hukuma sun sauko daga baya, amma naira ba ta daina zaizayewa ba.

Sai dai kada a ɗauka kasuwa kullum hawa take yi. A Maris na 2008 ma'aunin ya kai kusan 66,000, cikin shekara guda ya rikito zuwa kusan 20,000, kuma bai sake kai matsayinsa na 2008 ba sai 2023. Shekara goma sha biyar. Mutane da yawa a Kano da Kaduna da suka sayi hannun jarin bankuna a wancan zamani, wasu ma da bashi, har yau ba sa son jin zancen. Wanda ya zuba dukiyarsa gaba ɗaya a watan ƙololuwa ya sha wuya. Wanda ya fara ƙaramin zubi a wannan watan kuma bai fasa ba, zubin 'yan watannin farko ne kawai ya yi a kan tsada, mafi yawan sauran ya yi su ne lokacin da ma'aunin ke yawo tsakanin 20,000 da 45,000. Wannan shi ne ainihin amfanin zubi: yana hana rana ɗaya marar sa'a ta yanke hukuncin dukan jarinka. Bai hana asara ba, kuma bai kare kowa daga faɗuwar naira ba, domin dala tana wajen naira 118 a 2008, ta wuce 1,500 a 2024.

Mataki na farko: tsayar da adadin da ba zai karye ba

Kafin hannun jari, ka fara tara kuɗin ko-ta-kwana a asusu dabam, aƙalla abin da zai riƙe gidanka wata biyu zuwa uku. Dalilin mai sauƙi ne: idan yaro ya kwanta asibiti kuma ba ka da komai sai hannun jari, dole ka sayar a farashin da ka tarar, kuma kuɗin ba sa fitowa a ranar, sai bayan 'yan kwanakin aiki. Idan akwai bashin manhajojin lamuni a kanka, biya shi tukuna, don kuɗin ruwansu sun fi duk ribar da kasuwa za ta iya ba ka.

Daga nan ka zaɓi adadin zubi. Kada ka auna shi da watan da ka fi samun sauƙi. Auna shi da watan da ya fi matse ka, watan Satumba na kuɗin makaranta, ko watan azumi, ko na Babbar Sallah. Idan a irin waɗannan watanni naira 7,000 kawai za ka iya fitarwa, to zubinka 7,000 ne, ba 15,000 ba. Mai albashin naira 120,000 da iyali, 10,000 ta isa farawa. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na 70,000 zai iya farawa da 5,000. Kuma kuɗin su kasance waɗanda ba ka buƙatarsu nan da shekara biyar. Kuɗin haya, na aure da aka sa wa rana, ko na taki, ba su da wuri a nan.

Mataki na biyu: buɗe asusu a inda ya dace

Ba a sayen hannun jari kai tsaye daga kasuwa, sai ta hannun kamfanin dillanci. Ka tabbatar kamfanin yana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, ka duba sunansa da kanka a shafinta, sec.gov.ng. Idan manhaja ce, nemi sunan kamfanin dillancin da ke bayanta. Za a buƙaci BVN, NIN, hoto, da takardar da ke nuna adireshinka. Bayan an kammala za a ba ka lambar CHN, wato lambar shaidarka ta mai saka jari, da lambar asusun CSCS. CSCS ita ce ma'ajiyar da ake rubuta hannun jarin da sunanka, don haka ko kamfanin dillancin ya rufe, kayanka suna nan. Duk wanda ya ce zai saya maka hannun jarin NGX amma bayan makonni ba ka ga waɗannan lambobi ba, ka dakatar da tura kuɗi.

Ka kuma cike takardar e-dividend don rabon riba ya riƙa faɗowa asusun bankinka. Sunanka ya zama iri ɗaya a banki, a BVN da wajen dillali. Saɓanin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya riƙe wa mutum ribarsa shekaru.

Wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya duk wata, kashi 20 ko 30, ba hannun jari yake sayarwa ba. Mun ga yadda MMM ta rushe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, mun ga CBEX ma a Afrilun 2025.

Mataki na uku: zaɓi abin da ya cancanci zubi

Nan ne ya fi kowane mataki muhimmanci, domin zubi yana aiki ne kawai a kan abin da zai iya farfaɗowa. Kasuwa gaba ɗaya tana farfaɗowa ko da ta daɗe. Kamfani guda yana iya mutuwa. A Agustan 2011 an soke lasisin Afribank, Bank PHB da Spring Bank, a Satumban 2018 aka soke na Skye Bank. Wanda ya yi ta ƙara saye a waɗannan yana murnar araha, ƙara zurfafa ramin ya yi.

Saboda haka ga mai farawa na fi son abin da ya tattara kamfanoni da yawa wuri guda. Iri biyu ne. Akwai asusun haɗaka da kamfanonin kula da jari ke gudanarwa, inda kake tura kuɗi su saya a madadin kowa, wasu na karɓar zubin naira 5,000. Akwai kuma ETF, wanda shi ma kwando ne na kamfanoni amma ana sayensa a kasuwa kamar hannun jari. Ga mai kula da halacci, wanda ba ya son bankunan kuɗin ruwa ko kamfanonin giya, NGX na da ma'aunin Lotus Islamic tun 2012, kuma akwai ETF da ke bin sa, ana rubuta shi LOTUSHAL15. Ba talla nake yi ba, domin ETF a Legas na da matsalarsa: cinikinsa ba shi da yawa, wata rana ba ka samun mai sayarwa sai a farashi mai nisa da ainihin darajar kayan da ke cikin kwandon. Kafin ka saya, kwatanta farashin kasuwa da wannan ainihin darajar, wadda kamfanin ke wallafawa a matsayin NAV.

Idan ka fi son kamfanoni da kanka, kada ka tsaya a ɗaya. Zaɓi uku ko huɗu daga fannoni dabam-dabam, misali siminti, sadarwa da abinci, ka riƙa juyawa: wannan watan na farko, wata mai zuwa na biyu. Ka sani a NGX guda cikakke ake saye. Idan guda ɗaya naira 450 ne, zubinka na 10,000 zai sayi 21 bayan la'ada, canjin ya zauna a asusu ya haɗu da na wata mai zuwa.

Mataki na huɗu: rana, la'ada da yadda ake bayar da odar saye

Sa ranar zubi kwana ɗaya ko biyu bayan shigar albashi. Ba don ranar na da wata sa'a ba, sai don kuɗin da suka kwana mako a asusun cefane ba sa kai labari. Idan bankinka na ba da damar tura kuɗi kai tsaye duk wata, saita shi. Idan albashinku na jinkiri, kamar yadda ake yi a wasu jihohi da ƙananan hukumomi, ƙa'idarka ta zama washegarin shigar albashi, ba kwanan wata ba. Kasuwa na ci daga Litinin zuwa Juma'a.

A manhaja za ka ga zaɓi biyu, Market da Limit. Na farko yana saye a duk farashin da ya tarar. Na biyu kai ke rubuta iyakar farashin da ka yarda da shi. Yi amfani da Limit, ka rubuta farashin da masu sayarwa ke nema a lokacin. Kada ka sa shi ƙasa sosai kana neman ragi, don wannan jira ne ya shigo ta bayan gida. Idan odar ba ta cika ba, sake sa ta washegari a sabon farashi.

La'adar dillali da kuɗaɗen hukuma a wajen saye sun kai kusan kashi 2 cikin 100, a wajen sayarwa su ɗan fi haka. Za ka gan su dalla-dalla a takardar ciniki da dillali ke turowa. Tunda kaso ne, ƙaramin zubi ba ya cutuwa. Abin dubawa shi ne ko dillalinka na da tsayayyen caji a kan kowane ciniki. Cajin naira 200 a kan zubin 5,000 kashi 4 ne tun kafin ka fara. Idan haka ne, ko ka canza dillali, ko ka haɗa zubin wata biyu ka saya sau ɗaya. Wannan lissafin ne kuma ke nuna illar shiga da fita: wanda ya sayar don ya sake saye idan an sauko ya riga ya biya kusan kashi 4 a zagaye guda, sai faɗuwar ta wuce haka kafin ya ga ko sisi.

Mataki na biyar: rubuta komai

Littafi ɗan ƙarami ya isa. Duk wata ka rubuta kwanan wata, kuɗin da suka fita har da la'ada, farashi, da yawan gudan da ka samu. Matsakaicin farashinka shi ne jimillar kuɗin da ka zuba a raba da jimillar gudan da ka mallaka. Da shi za ka kwatanta farashin yau, ba da abin da ka saya a watan jiya ba. Duba sau ɗaya a wata ya wadatar. Rabon riba idan ya zo, bayan an cire harajin kashi 10, ka haɗa shi da zubi na gaba.

Idan zuciyarka ta nace sai ta jira

Wasu ba sa samun natsuwa sai suna da ɗan abin da za su shiga da shi idan an yi araha. Babu laifi, amma a yi masa iyaka a rubuce. Daga cikin naira 10,000, zuba 8,000 kamar kullum, ka ajiye 2,000 a asusun da ba ka yawo da katinsa. Sannan ka rubuta abu biyu tun yau, kafin wani labari ya girgiza ka.

Na farko, farashin shiga. Ɗauki farashi mafi tsada da ke cikin littafinka ka ninka da 0.85, wato faɗuwar kashi 15. Idan mafi tsada 80 ne, farashin shigarka 68. Ranar zubin da ka tarar da shi a 68 ko ƙasa, ka zuba ajiyar duka, ba shawara da kowa. Na biyu, wa'adi. Idan wata shida suka cika faɗuwar ba ta zo ba, ka zuba naira 12,000 da suka taru a farashin da ka tarar, ka sake farawa. Wa'adin nan shi ne ya bambanta tsari da zaman jiran tsammani. Idan hasashenka ya ci, ka ɗan ƙaru. Idan bai ci ba, kashi ɗaya cikin biyar na zubinka ne kawai ya makara.

Ka kuma iya gane saukar da ba araha ba ce. Idan kamfani ya yi rabon ribar naira 5 a kowane guda, bayan ranar da aka rufe rajistar masu cancanta kasuwa na cire wannan naira 5 daga farashi. Sabon shiga sai ya ga an sauko ya ɗauka garaɓasa ce, alhali ribar ce aka cire kuma shi ba zai same ta ba. Haka nan, a NGX farashin hannun jari ba ya wuce hawa ko saukar kashi 10 a rana guda. Idan ka ga kamfani na faɗuwa da kashi 10 cif kwana uku a jere, masu sayarwa sun yi layi babu mai saye, to ba gama faɗuwa ya yi ba, ƙa'ida ce ke rarraba faɗuwar kwana-kwana.

Yaushe ake dakatar da zubi?

Faɗuwar kasuwa gaba ɗaya ba dalili ba ce, a nan ne ma zubi ke yin aikinsa. Abin da za ka tambaya shi ne: kowa ne ya faɗi, ko nawa ne kaɗai? Idan ASI na sauka kuma naka na sauka tare da shi, ci gaba. Idan kasuwa na hawa naka na nutsewa wata bayan wata, nemi rahoton kuɗin kamfanin, wanda ake fitarwa duk wata uku a shafin NGX.

Ko asara ma iri-iri ce. MTN Nigeria da Nestlé Nigeria duka sun bayyana asara a 2023, bayan da aka saki naira a watan Yuni, saboda nauyin da ke kansu na kuɗin waje ya kumbura idan an auna shi da naira. Amma mutane ba su daina sayen data ko Maggi ba, cinikinsu ƙaruwa ma ya yi. Wannan dabam yake da kamfanin da cinikinsa ke raguwa shekara bayan shekara, ko wanda ya kasa fitar da rahotonsa a kan lokaci har kasuwa ta dakatar da cinikin hannun jarinsa, ko bankin da Babban Banki ya rushe shugabanninsa. Idan ka ga ɗayan waɗannan, daina ƙara kuɗi a ciki ka karkatar da zubin zuwa wani wuri, ko da ba ka yanke shawarar sayarwa ba tukuna.

Matasa da yawa sun fara jin DCA ne a harkar kirifto, kuma wannan gargaɗin ya fi shafarsu. Bitcoin ya faɗi daga kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa ƙasa da 16,000 a Nuwamban 2022, daga baya ya farfaɗo ya wuce. Luna kuwa ta rushe cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022, ba ta dawo ba. Masu zubi sun kasance a duka biyun.

Ta ɓangarenka kuma, idan aiki ya tsaya ko ka taɓa kuɗin ko-ta-kwana, dakatar da zubi har ka mayar da su, amma kada ka sayar da abin da ka tara sai dole. Watan da ya kuɓuce ya wuce, kada ka ci bashi don ramawa. Idan albashi ya ƙaru, ƙara zubin da irin kason da aka ƙara maka, domin naira 10,000 ta bana ba za ta sayi abin da ta saya bara ba. Idan kuma lokacin da kake buƙatar kuɗin ya matso, kamar saura shekara ɗaya ko biyu, fara fita yadda ka shiga: ka riƙa sayar da kaso kaɗan duk wata uku kana mayarwa asusun ajiya, don kada ranar buƙata ta haɗu da ranar faɗuwa.